Waiwaye: Yadda asusun bin ma'aunin kasuwa ya samo asali, da abin da ya raba shi da asusun manaja

A ƙarshen watan Agustan 1976, wani ɗan Amurka mai suna John Bogle ya buɗe wani sabon asusun zuba jari a ƙarƙashin kamfaninsa na Vanguard. Dillalan da suka ɗauki nauyin tallata asusun sun sa ran tara dala miliyan 150. Da aka rufe littafi, dala miliyan 11 da 'yan kai aka samu. Kuɗin bai ma isa a sayi hannun jarin dukkan kamfanoni 500 da asusun ya yi niyyar riƙewa ba, sai aka fara da guda 280. 'Yan kasuwar hannun jari ta New York suka yi ta yi masa dariya, har suka laƙaba wa asusun suna wautar Bogle.

Abin da ya jawo dariyar shi ne asusun bai yi wa kowa alkawarin gwaninta ba. Kafin wannan lokaci, asusun haɗaka da talaka zai iya shiga iri ɗaya ne: jama'a su tara kuɗi, a damƙa wa manaja da ma'aikatansa masu bincike, su zaɓi kamfanonin da suke ganin za su yi tashe, su saya, su sayar idan sun hango faɗuwa. Burinsu su wuce kasuwa, kuma a kan wannan buri ake biyan su. Shi kuwa Bogle cewa ya yi a bar zaɓe gaba ɗaya. Tun 1957 akwai ma'aunin S&P 500, wato jerin manyan kamfanonin Amurka 500 da ake auna lafiyar kasuwa da su, kowane kamfani da nauyinsa gwargwadon jimillar darajar hannun jarinsa. Aikin asusun kawai ya sayi abin da ke cikin jerin nan, a kan wannan nauyi, ya zauna. Kasuwa ta hau ya hau da ita, ta sauka ya sauka.

Tunanin bai faro daga Bogle ba. A 1968 masanin tattalin arziki Michael Jensen ya bi diddigin asusu 115 daga 1945 zuwa 1964, ya gano cewa a tsakaice manajojin ba su iya wuce wanda ya sayi kasuwa ya riƙe ba. A 1971 bankin Wells Fargo ya gwada abin a aikace da kuɗin fanshon ma'aikatan kamfanin akwatuna na Samsonite, dala miliyan 6, amma sai suka ba kowane kamfani nauyi daidai wa daida. Nan suka sha wuya. Farashi na motsi kullum, yau wannan ya yi nauyi gobe wancan ya yi sauƙi, dole a yi ta saye da sayarwa don a maido da daidaito, kuma kowane ciniki da la'adar dillali. Wannan darasi ne ya nuna amfanin auna kamfani da darajarsa: idan farashin kamfani ya ninka, nauyinsa a ma'auni ya ninka, haka ma abin da asusu ke riƙe da shi ya ninka da kansa, ba a sayi komai ba. A 1974 Paul Samuelson, wanda ya ci kyautar Nobel, ya yi rubutu yana kira da wani ya kafa irin wannan asusu. Bogle ya sha faɗin cewa wannan rubutu ne ya zaburar da shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi, a ganina, ita ce wadda masanin tattalin arziki William Sharpe ya shimfiɗa a 1991, domin lissafi ne da ɗan firamare zai iya bi. Duk hannun jarin da ke kasuwa yana hannun wani. Masu bin ma'auni suna samun abin da kasuwa ta samu. To ragowar masu zuba jari, idan aka haɗa su wuri ɗaya, su ma ragowar kasuwar suke riƙe da ita, don haka a dunƙule abin da kasuwa ta samu shi za su samu. Idan wani manaja ya wuce kasuwa, wani ne ya gaza ta da daidai wannan adadi. Wannan kafin a cire kuɗin aiki ke nan. Bayan an cire, dala ɗaya da ke hannun manajoji dole a tsakaice ta kasa dala ɗaya da ke asusun bin ma'auni, tunda ita ce ke ɗauke da albashin masu bincike da la'adar yawan ciniki.

Shi wannan kuɗin aiki ba takarda ake aiko wa mutum ya biya ba, kuma abin da ya sa mutane da yawa ba sa jin zafinsa ke nan. Kaso ne na shekara da ake yanka kaɗan-kaɗan daga dukiyar asusun kafin a bayyana farashin kowace rana, ko an ci riba ko an faɗi. Asusun Bogle ya fara da kashi 0.43 cikin ɗari a shekara. Yau asusun da ya gaje shi yana karɓar 0.04 cikin ɗari, wato dala 4 a kan kowace dala 10,000. Asusun manaja kuwa ba abin mamaki ba ne ya karɓi kashi 1 cikin ɗari, dala 100 ke nan a kan wannan kuɗi.

A ido, dala 96 ba wani abu ba ne. Amma mu ɗauka mutum biyu kowa ya zuba dala 10,000 ya bar ta shekara 30, kuma mu ƙaddara kasuwa na ba da kashi 7 cikin ɗari duk shekara. Mu kuma yi wa manajan adalci, mu ce zaɓensa ya yi daidai da kasuwa, bai gaza ba. Na farko zai riƙa samun 6.96, kuɗinsa ya kai wajen dala 75,300. Na biyu zai riƙa samun 6, ya tashi da wajen dala 57,400. Tazarar ta kusa dala 18,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na farko ya tara. Dalili shi ne duk dalar da aka yanka a shekarar farko ta tafi da 'ya'yan da za ta haifa a shekaru 29 masu zuwa. Ke nan kafin manaja ya amfani mai kuɗi, sai ya wuce kasuwa da kusan kashi 1 cikin ɗari kowace shekara, ba hutu, sannan a ce an yi kunnen doki.

Akwai waɗanda suka yi hakan har da ƙari. Peter Lynch ya riƙe asusun Magellan na kamfanin Fidelity daga 1977 zuwa 1990 da ribar da ta kai kusan kashi 29 cikin ɗari a shekara. Matsalar ita ce gane irinsu tun kafin su yi suna, domin bayan sun yi, sau da yawa kuɗi ya yi wa asusun yawa ko manajan ya ajiye aiki. Tun 2002 kamfanin da ke da ma'aunin S&P 500 yake fitar da rahoton kwatanci, kuma abin da yake nunawa a kai a kai shi ne idan aka ɗauki tsawon shekara 15, wajen tara cikin goma na asusun manajojin manyan kamfanonin Amurka ba sa kamo ma'aunin. Shahararren mai zuba jari Warren Buffett ma ya ƙalubalanci kamfanin Protégé Partners a kan wannan daga 2008 zuwa 2017. Asusun bin ma'auni da ya zaɓa ya ba da kusan kashi 8.5 cikin ɗari a shekara, zaɓaɓɓun asusu biyar na ɗaya ɓangaren suka tsaya a wajen kashi 3 a tsakaice.

Sai batun bin sawu, wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ma'auni lissafi ne a takarda: ba ya biyan dillali, ba ya ajiye tsabar kuɗi don masu son fita, ba a cire masa kuɗin aiki. Asusu kuwa duk yana yin waɗannan, shi ya sa ba zai taɓa zama daidai da ma'auninsa ba. Abu biyu ake dubawa. Na farko tazarar sakamako: ma'auni ya ba da kashi 10 a shekara, asusu ya ba da 9.95, tazara 0.05 ke nan, kuma a asusu mai kyau za ka tarar ta yi kusa da kuɗin aikin da aka rubuta. Idan kuɗin aiki 0.10 ne amma tazara ta kai 0.80, akwai inda kuɗi ke yoyo. Ko dai asusun na ajiye tsabar kuɗi da yawa, ko harajin da wata ƙasa ke yanka daga rabon riba yana cinye shi, ko kuma samfuri kawai ya saya daga cikin kamfanonin, kamar yadda ƙarancin kuɗi ya tilasta wa Bogle a farko. Na biyu shi ne yadda tazarar ke rawa daga wata zuwa wata. Asusun da kullum yake baya da ɗan ƙanƙanin adadi iri ɗaya ya fi riƙe amana fiye da wanda yau yake gaba da kashi 1 gobe yake baya da kashi 1, ko da a ƙarshen shekara sun tashi daidai.

Wajen kwatantawa a lura da wane nau'in ma'auni aka ɗora a takardar asusu. Akwai mai ƙirga farashi kaɗai, akwai mai haɗawa da rabon ribar da kamfanoni ke biya, wanda galibi ake rubuta TR a gaban sunansa. Asusu yana karɓar rabon riba, don haka idan aka gwada shi da ma'aunin farashi kaɗai zai fito kamar ya yi zarra, alhali bai yi ba.

Wannan awo yana tona asirin wani nau'in asusun manaja kuma. Idan asusu na karɓar kashi 1 cikin ɗari da sunan zaɓe, amma sakamakonsa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da ma'auni, manyan kamfanoni goma da yake riƙe da su kuma su ne goman ma'aunin, to mai kuɗi yana biyan farashin gwani ne a kan aikin kwafi. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan a 2016. A wurina wannan ya fi manajan da ya yi zaɓe na gaskiya ya faɗi muni, domin shi wancan ya yi aikin da aka biya shi.

Bin ma'auni shi ma da nasa aibun, kuma wani ba ya fitowa a tazarar sakamako sam. A tsakiyar Nuwamban 2020 aka sanar za a saka kamfanin Tesla cikin S&P 500 ranar 21 ga Disamba. Kowa ya san asusun bin ma'auni dole su saya, sai 'yan kasuwa suka riga su, farashi ya tashi da kusan kashi 70 cikin ɗari kafin ranar. Asusun suka saya da tsada, amma da yake ma'aunin ma a wannan farashi ya shigar da kamfanin, a takarda bin sawunsu ba shi da tabo. Haka nan idan kasuwa ta rushe babu mai ja da baya: a 2008 ma'aunin ya faɗi da kashi 37 cikin ɗari, asusun da ke bin sa suka faɗi tare da shi.

Tsarin ya iso Najeriya a 2014, lokacin da aka jera Vetiva Griffin 30 ETF mai bin manyan kamfanoni 30 na kasuwar Legas, da Lotus Halal Equity ETF mai bin ma'aunin kamfanonin da aka tace bisa shari'ar Musulunci. Irin waɗannan ana cinikinsu ne a kasuwa kamar hannun jari, kuma inda masu saye da sayarwa ba su da yawa farashin kasuwa kan iya yin nesa da ainihin darajar abin da asusun ke riƙe da shi. Wannan wata tazara ce ta daban, mai saye kuma shi ke biyan ta a ranar da ya shiga ko ya fita.

A Amurka, a 2018 kamfanin Fidelity, wanda ya yi suna da manajoji, ya fito da asusun bin ma'auni marasa kuɗin aiki ko kaɗan. A 2019 kuɗin da ke cikin asusun bin ma'aunin hannun jarin Amurka ya zarce na asusun manajoji a karon farko. Bogle bai ga wannan rana ba, ya rasu a watan Janairun shekarar. 'Yan makonni kafin rasuwarsa ya yi rubutu yana nuna damuwa cewa kamfanoni uku, Vanguard da BlackRock da State Street, suna neman tattara ƙuri'un masu hannun jari na manyan kamfanonin ƙasar a hannunsu, kuma ya ce bai ga hakan zai yi wa ƙasar amfani ba.