Ma'anar samfurin bin gungu: yadda ake ƙiyasin tsiron da ba ya yawa kuma yake tsirowa wuri guda

Wanda ya taɓa shiga daji a Kudancin Kaduna neman ƙananan tsiron madobiya ya san halinsu. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba, can kuma ka tarar da goma sha sun taru kusa da wata tsohuwar bishiya. Tun da masu yankan katako suka yi wa madobiya ca, har aka sanya ta cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu a duniya, masu kula da gandun daji suke son sanin nawa suka rage. To, idan ka zaɓi wurare kaɗan da ƙuri'a ka ƙirga, yawanci sifiri za ka yi ta rubutawa.

Don irin wannan ne masanin ƙididdiga Steven Thompson ya fito da wata hanya a 1990, wadda za mu kira samfurin bin gungu. Da ƙuri'a ake farawa kamar kullum, amma duk inda aka dace da abin da ake nema, sai a leƙa maƙwabta, a yi ta bi har gungun ya ƙare.

A ce fili ne mai mita 200 tsawo da mita 200 faɗi. An yanka shi fangali-fangali, kowanne mita 10 da 10, ya zama fangali 400. Kafin a taka dajin sai a tsayar da sharaɗi: duk fangalin da aka samu tsiro ko da ɗaya ne, za a duba na gabas da yamma da kudu da arewa da shi. Sai a zaro fangali 10 da ƙuri'a.

Takwas suka fito babu komai, aka wuce. Na tara ya faɗa cikin gungu. Aka duba maƙwabtansa, da maƙwabtan waɗanda suka cika sharaɗi, har aka haɗa fangali biyar masu tsiro 2 da 6 da 9 da 4 da 4, jimilla 25. Waɗannan biyar ɗin su ne sarƙa. Kewaye da su akwai fangali 9 da aka duba aka tarar wayam, su ne 'yan gefe, kuma su suka nuna cewa gungun ya ƙare. Na goma ya ba da ƙaramar sarƙa ta fangali biyu, tsiro 1 da 3, da 'yan gefe 6.

A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. An ƙirga tsiro 29 a fangali 30 da aka taka, sai mutum ya raba, ya ninka da 400, ya ce akwai kusan 387 a filin. Wannan lissafi gurgu ne, domin ƙuri'a ba ita ta zaɓi ƙarin fangalin 20 ba, ƙafarka ce ta bi inda tsiro yake. Sannan babbar sarƙa ta fi ƙarama saurin shiga hannu, tunda ko wane fangali nata ƙuri'a ta taɓa, gaba ɗayanta za a jawo.

Gyaran, wanda aka gina kan hanyar masana ƙididdiga Hansen da Hurwitz, ba shi da wuya. Kowane fangalin ƙuri'a, a ba shi matsakaicin sarƙarsa maimakon abin da aka ƙirga a cikinsa. Na tara ya ɗauki 25 a raba biyar, wato 5. Na goma ya ɗauki 2. Takwas ɗin nan sifiri. Jimilla 7, a raba 10, ya zama 0.7 a kowane fangali, wato tsiro 280 a filin. 'Yan gefe ba sa shiga lissafi, sai in ƙuri'ar farko ce ta zaro su. Abin da ɗan ciwo, ka sha rana a kansu sannan ka ajiye su.

Babban aibin hanyar shi ne ba ka san ranar gamawa ba. Mun shirya fangali 10, muka ƙare da 30, kuma sa'a muka yi. Da tsiron ya fi yadda aka zata yawa, kamar ƙuduji a gonar dawa da ƙasarta ta gaji, sarƙa ɗaya sai ta cinye rabin filin, kuɗin mai da na ma'aikata su ƙare. Alamar tana bayyana tun ranar farko: in fangalin ƙuri'a da dama suna cika sharaɗi, abin ba ƙaranci gare shi ba, samfurin ƙuri'a zalla ya wadatar. Ana iya tsaurara sharaɗin, a ce sai tsiro uku ko fiye kafin a bi maƙwabta, amma tun a ofis ake yanke wannan. Wanda ya gaji a tsakiyar sarƙa ya tsaya, matsakaicin da zai samu na guntun sarƙa ne, kuma ƙiyasinsa ya karkace ke nan.