Mojibake: Dalilin da ya sa "ƙasa" ke komawa "Æ™asa"

Mojibake shi ne sunan da masu harkar kwamfuta ke kiran rikiɗewar rubutu zuwa alamomi marasa ma'ana idan an buɗe fayil. A Hausa, haruffa masu lanƙwasa ne abin ya fi shafa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ta rubutun Nijar.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lambobi take ajiyewa, waɗanda ake kira bayit. A tsarin UTF-8, harafi irin a ko k bayit ɗaya yake ci, amma ƙ biyu take ci: C6 da 99. To idan manhaja ta ɗauka cewa da tsohon tsarin Windows-1252 aka rubuta fayil ɗin, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, sai ta raba su. Ta karanta C6 a matsayin Æ, ta karanta 99 a matsayin ™, shi ke nan "ƙasa" ta zama "Æ™asa". Haka "ɗaki" ke komawa "É—aki". Sauran haruffan kuwa ba abin da ke taɓa su, domin lambarsu ɗaya ce a tsarukan biyu.

Masu rubuta manhaja da yaren Python a kan Windows sun sha fama da wannan, saboda idan ba ka faɗi tsari ba, umarnin buɗe fayil `open()` kan ɗauki na kwamfutar. Maganin shi ne ka faɗa da kanka:

```python
open("labari.txt", encoding="utf-8")
```

Idan rubutun ya riga ya rikiɗe, ana iya dawo da shi, tunda lambobin suna nan daram, karatun ne kawai aka yi ba daidai ba. A nan `cp1252` wani sunan Windows-1252 ne:

```python
"Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")
```

Babbar Ɓ ce ke ba da wahala. Lambobinta C6 da 81 ne, kuma 81 ba ta da harafi a Windows-1252. Shi ya sa fayil zai yi ta karantuwa a rikiɗe, sai an iso "Ɓera" manhajar ta tsaya cak da `UnicodeDecodeError`.

Ba kowace ɓarna ce mojibake ba, kuma a ganina gane bambancin ya fi haddace magani muhimmanci. Idan akwatin wofi ka gani a gurbin ɗ, galibi salon haruffan da kake amfani da shi ne ba shi da zanenta. Canza shi, rubutunka lafiya lau yake. Amma idan ka ga "?asa", an riga an yi asara: an adana fayil ɗin da tsarin da bai san ƙ ba, ya maye gurbinta da alamar tambaya. Babu umarnin da zai gane ko "?ari" ƙari ne ko ɗari, sai an nemo ainihin fayil, ko mai jin Hausa ya zauna ya bi shi layi-layi.