Fulas na sefa 1,500 a Cana, nawa zai iso Yamai?

*Kamfanin ya ce ba ya sayar da ƙasa da fulas 3,000, ni kuwa 2,400 nake so. Akwai dabara?*

Akwai, Alhaji. Wannan adadi da suke rubutawa MOQ, wato mafi ƙarancin abin da za su sayar, yawanci ya rataya ne a kan launi da tambari, domin sai an gyara inji an buga kwali saboda kai kaɗai. In ka yarda da launin da suke ƙerawa kullum, ba tare da sunan shagonka ba, sau da yawa sukan sassauta, ko su ɗan ƙara kuɗi a kan kowane ɗaya. Dillalan kasuwar birnin Yiwu na Cana ma katan-katan suke sayarwa, sai dai da tsada kaɗan.

*Samfurin da suka aiko yana da kyau. In tura kuɗi?*

Dakata tukuna, Hajiya. Samfuri zaɓaɓɓe ne. Ki zuba masa tafasasshen ruwa da safe, ki duba zafinsa da la'asar, ki ɗora shi a sikeli ki rubuta nauyinsa. Nauyin nan shi ke tona asiri: in an rage kaurin ƙarfe daga baya, ido ba zai gani ba, sikeli zai nuna. Ki sa nauyi, yawan lita, irin murfi da adadin da ke cikin katan a takardar oda. An saba biyan kashi 30 cikin ɗari a gaba, 70 bayan an gama ƙerawa. Kada ki saki 70 ɗin sai wakilinki ya je ya buɗe katan-katan da shi ya zaɓa da hannunsa. Asusun da za ki tura wa kuɗi kuma ya kasance da sunan kamfanin da ke kan takardar. In saƙo ya zo cewa an canza asusu, ki kira su da murya.

*Wanne ya fi tsakanin EXW, FOB da CIF?*

Sharuɗɗan ciniki ne da ke nuna wa zai biya me a hanya. A EXW daga ƙofar masana'anta komai naka ne, har takardun fitar da kaya. A FOB mai sayarwa ne ke ɗora su a jirgin ruwa, kai ka biya jirgin. A CIF shi ke biyan jirgi da inshora, amma iyakarsa tashar ruwa, kuma Nijar ba ta da teku. Wanda ya ga CIF Lome ya ɗauka kaya za su same shi a Katako ya yi kuskure: kuɗin tasha, kamiyo da duwan duk suna jiransa. Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina suke bi cikin ayari mai rakiyar soja, kwanakin hanya kuwa ba a hannun direba suke ba. Mu FOB muka fi so, don kai ne ke zaɓar mai jigila, ka san kuɗin sauke kaya tun kafin jirgi ya tashi.

*To duwan fa, nawa za su ci?*

Ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafi ba, ana haɗa kuɗin jirgi da inshora. Harajin yana da matakai: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, gwargwadon lambar da kayan suka faɗa. Mu ɗauki fulas 2,400 ɗin a sefa 1,500, wato 3,600,000. Katan 100 ne, kowane santimita 60 da 40 da 50, jimla mita kubik 12, bai kai rabin ƙaramar kwantena ba, don haka haɗaka za a yi da kayan wasu. A ƙaddara jirgi da inshora sun ci 800,000, darajar ta zama 4,400,000. In lambar ta faɗa a kashi 20, haraji 880,000 ne, kuɗin ƙididdiga na kashi 1 kuma 44,000. Sai TVA ta kashi 19, wadda ake ɗorawa a kan darajar haɗe da waɗannan biyun: 1,011,560. Duwan ya tashi 1,935,560 kenan, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe da tiranzite, mai fitar maka da kaya daga duwan, zai nuna maka. In tasha, kamiyo da ladan tiranzite suka ci 900,000, kowane fulas ya iso shago a kusan sefa 3,015, ninkin kuɗinsa na Cana. Wannan lissafi kafin a tura kashi 30 ake yin sa, a gwada da farashin Babbar Kasuwa.

Wasu kan nemi kamfani ya rage kuɗi a takardar ciniki. Duwan na da ikon ƙin darajar su sa tasu, su ƙara da tara, kuma in kaya suka lalace inshora abin da ke rubuce kawai za ta biya.

*Wace takarda ce ke tsayar da kaya?*

Sai kana da NIF, wato lambar haraji, da rajistar kasuwanci, da BSC, takardar bin diddigin kaya da ake karɓa ta hannun CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar. Amma abin da ya fi riƙe kaya shi ne saɓani: takardar jirgi ta ce katan 100, jerin kaya ya ce 102, ko an kuskure harafi a sunanka. Ka nemi kwafin takardar jirgi kafin a buga ta, kai da tiranzite ku bi ta layi-layi, domin gyara bayan jirgi ya iso Lome kuɗi ne, kuɗin ajiya kuma yana hawa kowace rana.