Katin tunatarwar lokacin sallah na kullum: yadda za ka haɗa samfuri ɗaya ka riƙa amfani da shi a Zariya

Salamu alaikum malam, ina so in riƙa ɗora lokutan sallah na Zariya a sitatus kullum, amma haɗa sabon kati kowace safiya yana cin lokaci har na fara gajiya. Akwai dabara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, akwai, kuma dabarar ita ce ka raba katin gida biyu, abin da ba ya canzawa da abin da yake canzawa kullum. Hoton da ke baya, sunayen salloli biyar, sunan garin, kala da salon harafi, duk waɗannan sau ɗaya za ka zauna ka yi su. Abin da hannunka zai riƙa taɓawa kullum lambobi biyar ne da kwanan wata guda biyu, na Musulunci da na bature, shike nan.

Ni da Canva nake yi a waya amma PixelLab ma yana yi. Ka buɗe fili mai girman 1080 x 1920, shi ne yake cika fuskar waya a tsaye. Ka sa hoto, ka ɗora baƙin akwati a kansa ka rage masa duhu zuwa kamar rabi yadda hoton zai riƙa leƙowa, sannan rubutu a saman akwatin. Sunayen salloli a akwatin rubutu ɗaya, lambobin a wani akwatin daban kusa da shi, kar ka haɗa su wuri ɗaya don da ka canza lamba layin zai goce. In ka gama a Canva ka danna Lock a kan hoton da akwatin da sunayen, ka bar lambobi da kwanan wata kawai a buɗe. Wannan shi ne uwar samfurin, ba a taɓa ta, kullum kwafinta za ka yi ka gyara kwafin, aikin minti biyu zuwa uku ne.

To wane irin hoto ya kamata in sa a baya?

Wanda ka ɗauka da wayarka a nan garin. Mutum in ya ga Dutsen Kufena da yamma ko Ƙofar Doka ko hasumiyar masallacin Juma'a na ƙofar fada, tun kafin ya karanta ya san katin na Zariya ne, wannan kuwa rabin aikin ke nan. Ka ɗauka a tsaye, ka bar sama da yawa don can rubutu zai zauna, hoton da ya cika da tarkace irin na tsakiyar kasuwar Sabon Gari yana cinye rubutu. Kuma don Allah kar ka ɗauki fuskokin mutane suna sallah ka yi ta yawo da su ba da izininsu ba. Hoto bakwai sun ishe ka, ka yi wa kowanne uwar samfurinsa, kowace rana da nata, in sati ya zagayo ka koma na farko.

Lambobin fa, ba sai in kwafo daga manhajar wayata ko daga wani guruf ba?

A nan nake so mu ɗan zauna, don kuskuren kala ba ya cutar da kowa amma kuskuren lamba yana sa mai azumi ya sha ruwa rana ba ta faɗi ba.

Abu na farko garin. Najeriya duka agogo ɗaya muke bi amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya, duk digiri ɗaya da ka matsa gabas ko yamma minti 4 ne. Zariya tana wajen digiri 7.7 gabas, Kano tana wajen 8.5, to rana tana kaiwa tsaka a Kano kamar minti 3 kafin mu. Maiduguri ta riga mu da fiye da minti 20, Sakkwato kuma tana bayanmu da kamar minti 10. Kenan in ka kwafo magaribar Maiduguri daga wani guruf ka manna a katin da aka rubuta Zariya, ka ce wa mutane magariba ta yi alhali rana tana nan ja wur a saman Kufena. Wani lokacin ma manhajar ce take maƙalewa a garin da ka je na ƙarshe, ni ya taɓa faruwa da ni bayan na dawo daga wata tafiya gabas, kwana biyu ina ɗora lokutan can sai da wani dattijo a masallacinmu ya ja ni gefe ya ce yaro agogonka yana gaggawa. Tun ranar nake duba sunan garin a saman manhajar kafin in kwafi komai.

Abu na biyu hanyar lissafi, bari in ɗauki rana ɗaya, 15 ga Nuwamba a Zariya. In ka zaɓi Muslim World League a saitin, wato asuba in rana tana digiri 18 ƙasa da sararin gabas, isha kuma 17, za ka ga kusan haka: asuba 5:12, azahar 12:14, la'asar 3:34, magariba 6:03, isha 7:12, ko da bambancin minti ɗaya ko biyu tsakanin manhaja da manhaja. In ka koma lissafin Masar mai digiri 19.5 asubar ranar ta dawo wajen 5:06. To ka ga minti 6 ke nan, ga mai sahur ba ƙaramin abu ba ne. Sai la'asar, wadda ta fi rikita mutane. A Malikiyya da muke bi lokacinta yana shiga in inuwar abu ta kai tsawonsa sau ɗaya bayan inuwar da ta rage da tsakar rana, a Hanafiyya kuma sau biyu. In saitin wayarka yana kan Hanafi, la'asar ɗin wannan ranar za ta fito wajen 4:25. Duk ranar da ka ga la'asar ɗinka ta yi nesa da ta kowa da kusan awa guda, nan za ka fara dubawa.

Abin da nake ba da shawara, ka zaɓi hanya ɗaya, ka kai wa limaminku ko ladan ya gani, ka gwada magaribar da idonka kwana biyu ko uku a fili inda yamma take buɗe, sannan ka tsaya a kanta. Sai dai ba lokacin hazo ba, don a hunturu rana takan ɓace cikin ƙura tun ba ta kai ƙasa ba.

Amma malam masallacinmu ba 12:14 ake azahar ba, sai wajen ƙarfe biyu. Wanne zan rubuta?

Duka biyun daidai ne, abubuwa ne daban. Ɗaya shigar lokaci ne, ɗaya lokacin da aka tsayar na jam'i a masallacinku, kuma masallacin Tudun Wada ba lallai ya yi daidai da na Samaru ko na cikin birni ba. Matsalar tana zuwa ne in kati bai faɗi wanne yake nufi ba, sai wani ya ga azahar 12:14 ya ce ka yi kuskure, ko wata uwa a gida ta ga 2:00 ta ɗauka kafin nan lokaci bai shiga ba. Saboda haka a uwar samfurin, a cikin abubuwan da ka kulle, ka sa layi ɗaya ƙarƙashin sunan gari: "Shigar lokaci, Zariya da kewaye". In kuma katin na masallaci ɗaya ne ka rubuta "Lokacin jam'i" da sunan masallacin. Ni na fi son na shigar lokaci ga sitatus, don masu kallonka ba unguwa ɗaya suke ba.

Dole sai na canza kullum? Ai lokutan kusan ɗaya ne.

Kusan ɗaya ne daga yau zuwa gobe, amma suna tafiya a hankali. Magaribar Zariya tana sauka har wajen 6:03 a Nuwamba, ta hau har wajen 6:56 a Yuli, azahar kuma daga wajen 12:13 a farkon Nuwamba zuwa wajen 12:43 a tsakiyar Fabrairu. In kana son sauƙi, ranar Lahadi da dare ka yi kwafi bakwai ka cike na sati gaba ɗaya ka ajiye a galari, kowane da sunan ranarsa a rubuce ɓaro-ɓaro a jiki. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, amma wanda ya yi sikirinshot zai iya tura shi bayan wata uku, kwanan watan da ke jiki ne kawai zai nuna tsohon kati ne.

Kwanan watan Musulunci shi ne ba a cikewa gaba in an zo ƙarshen wata. Manhajoji da yawa lissafin Saudiyya suke bi, mu kuma sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi muke jira, wani lokacin a samu bambancin kwana ɗaya. In wata ya kai 29 ka dakata sai an sanar sannan ka cike na gobe.

Rubutun da ke kan hoton da kafshan ɗin ƙasa, me zan sa a kowanne?

Kan hoton abin da ido zai ɗauka cikin daƙiƙa biyar, gari, rana, salloli biyar da lambobinsu. Lambobin su fi komai girma, fari a kan duhu. Ka bar kamar 250 daga cikin 1920 ɗin nan fili a sama da ƙasa, don sunanka yana rufe saman sitatus, kafshan da wurin amsa kuma suna rufe ƙasa. Ka gwada salon harafin da kalma irin ƙarfe ko ɗaya ko ɓata tun farko, da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a wurin ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa. Noto Sans yana da su duka. Larabci ma haka, wasu manhajojin suna wargaza haruffa su juya su baibai, in za ka sa aya irin ta 103 a Suratun Nisa'i da take maganar cewa sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai, ka gwada ta da Alƙur'ani a hannu sau ɗaya, ka nuna wa wanda ya fi ka karatu, sannan ka kulle ta.

Kafshan kuma ka maimaita lokutan a rubuce, saboda wanda datarsa ta yi ƙasa hoton ba zai buɗe masa ba amma a guruf zai ga rubutun. Ka ajiye shi a not ɗin waya kana canza lambobi kawai, misali: "Zariya, 15 ga Nuwamba. Shigar lokaci: asuba 5:12, azahar 12:14, la'asar 3:34, magariba 6:03, isha 7:12. Lokacin jam'i ka bi masallacin unguwarku." Hadisi kuwa in ba ka tabbatar da inda ya fito ba kar ka sa don cike wuri, gajeriyar addu'a ta wadatar.

Yaushe ya fi dacewa in ɗora?

Bayan isha ka ɗora na gobe, ka rubuta "gobe" tare da sunan ranar a farkon kafshan. In ka bari sai ƙarfe bakwai na safe asubar da ke kan katin ta riga ta wuce, kuma na jiya ka goge shi da hannu kafin ka ɗora sabo don kar kati biyu su haɗu a sitatus mutum ya karanta wanda ba shi ba.