Sharaɗin mai waƙafi: dokar da ta tafiyar da madarasun Bagadaza

Madarasa a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ba ta da hukumar ilimi a kanta. Abin da ke mulkinta takarda ce guda, wato takardar waƙafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu ke cewa. Mai dukiya zai gina makaranta, ya tsayar mata da shaguna ko gonaki ko gidajen wanka waɗanda ba a sayarwa, ba a gādo, ba a kyautarwa, sai dai a ci amfaninsu. Sannan ya rubuta wa zai karantar, me za a karantar, ɗalibi nawa za a ɗauka, nawa za a ba kowa. Malaman fiƙihu suka ce sharaɗin mai waƙafi kamar nassin shari'a yake wajen wajabcin aiki da shi, muddin bai saɓa wa shari'ar ba.

Nizamiyya, wadda waziri Nizamul Mulk ya buɗe a 1067, ta nuna ƙarfin wannan ƙa'ida. Ya keɓe ta ga Shafi'awa, don haka duk ilimin mutum, in ba mazhabarsa ba ce, kujerar ba tasa ba ce. Wani masanin nahawu, Wajihu Ibnul Dahhan, ya fara da mazhabar Hambali, ya koma Hanafi, da kujerar nahawu ta samu a Nizamiyya sai ya zama Bashafi'e, har aka yi masa zambo a kai. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba, domin sharaɗin ne ya ɗaura abincin malami a wuyan mazhaba. Wata ƙa'idar kuma ta fito tun ranar buɗewa: Abu Ishaƙ Shirazi, wanda aka gina makarantar dominsa, ya ƙi zuwa saboda ya ji cewa an yi ƙwace a filin. Waƙafi ba ya inganta sai da abin da mutum ya mallaka. Ibnul Sabbag ne ya riƙe kujerar kusan kwana 20 kafin Shirazi ya yarda.

Manhaja a takardar gajera ce. Ana ambaton fanni da mazhaba, galibi fiƙihu, sauran kuma a hannun mudarrisi yake: hukunce-hukuncen mazhaba, saɓanin malamai, da munazara, wato muhawarar ilimi. Makaranta ba ta ba da shaidar kammalawa. Ijaza daga malami take fitowa, da sunansa.

Inda takardar ke tsawo shi ne wajen kuɗi. Mu ɗauki Mustansiriyya, wadda Halifa Mustansir ya aza harsashinta a 1227, ya kuma haɗa mazhabobi huɗu a gini ɗaya. Kowace mazhaba tana da mudarrisi ɗaya, da mu'idai huɗu masu yi wa ɗalibai bitar darasi, da ɗalibai 62, jimilla 248. Mudarrisi yana karɓar dinari 12 a wata, mu'idi 3, ɗalibi 2, ban da gurasa da abincin kullum. A lissafa: mudarrisai huɗu dinari 48, mu'idai 16 su ma 48, ɗalibai kuwa 496. Ke nan cikin dinari 592 da sashen fiƙihu ke ci duk wata, fiye da kashi huɗu cikin biyar ga ɗalibai yake tafiya. Shi ya sa ake ƙayyade adadinsu, kuma ɗalibci ya zama gurbi kamar na aiki: sai wani ya tashi wani ya shiga. A madarasun Masar da Sham na bayan haka har akwai magatakardan da aikinsa rubuta masu fashi, a yanke musu daga rabonsu.

Matsala takan zo ne idan haya ta faɗi ko gona ta ƙi. Ƙa'idar ita ce a fara da gyaran gini da kadarorin da ke kawo kuɗin, saura a raba, don haka rabon ɗalibai ne ke saurin tsukewa. Wata ɓarakar ita ce babban malami ya tara kujeru a makarantu da yawa, ya sa na'ibi ya karantar da ɗan abin da ya ga dama ya ba shi. Naziri, mai kula da waƙafin, shi ke tara kuɗi ya biya, kuma alƙali na iya tsige shi idan ya ci amana.

A nan mazhabar Malikiyya da muke bi ta bambanta. Hanafawa da Shafi'awa sun yarda mai waƙafi ya naɗa kansa naziri, har ya bar wa zuriyarsa muƙamin da albashinsa. Malikawa kuwa sun ce dole abin ya fita daga hannunsa, wani ya karɓa. Wasu masana tarihi suna ganin wannan ne ya sa attajiran Magrib ba su yi rububin gina madarasu ba, sai sarakuna irin na Banu Marin a Fas suka ɗauki nauyin.