Ganawar barin aiki

Ganawar barin aiki tattaunawa ce da ake yi da ma'aikacin da ya miƙa takardar ajiye aiki, domin ma'aikata ta ji abin da ya sa zai tafi da kuma abin da ya gani a zamansa. Galibi ana yin ta ne a makonsa na ƙarshe, ta ɗauki minti 30 zuwa awa guda, kuma jami'in sashen kula da ma'aikata ne yake jagorantarta. Wasu wuraren kuwa takardar tambayoyi kawai ake bayarwa a cike, ko a kira mutum ta waya bayan ya tafi. A mafi yawan wurare ba dole ba ce, sai dai idan yarjejeniyar aiki ta ambace ta.

Babbar matsalar wannan ganawa ita ce dalilin da mai tafiya yake faɗa ba lalle ya zama shi ne ya kore shi ba. An daɗe da gane haka. A 1969 masu bincike biyu, Lefkowitz da Katz, sun kwatanta abin da ma'aikata suka faɗa ranar tafiya da abin da suka rubuta daga baya, suka tarar da yawansu sun sauya dalili. Ba abin mamaki ba ne, domin mai tafiya yana buƙatar takardar shaidar aiki, haƙƙoƙinsa na ƙarshe ba su shiga hannunsa ba, kuma yana iya haɗuwa da tsohon shugabansa a gaba. Don haka sai ya ce ya samu albashi mai tsoka, amsar da ba ta taɓa kowa.

Shi ya sa ƙwararrun masu ganawa ba sa tsayawa kan "me ya sa za ka tafi?". Sukan tambayi yaushe ya fara neman wani aiki, kuma me ya faru a lokacin. A ɗauki misalin akantar da ta ce ƙarin albashi ne ya ja ta. Da aka tambaye ta lokacin da ta fara aika takardun neman aiki, sai ta ce wata takwas da suka wuce, bayan abokin aikinta ya tafi ba a maye gurbinsa ba, rufe lissafin ƙarshen wata ya dawo kanta ita kaɗai har dare. Idan jami'in ya rubuta "albashi" a rahotonsa, za a ƙara wa wanda zai gaje ta kuɗi, a bar masa aikin mutum biyu, shi ma ya kama hanya. Albashin ya sa ta zaɓi inda za ta, amma gurbin da aka bari ne ya tashe ta.

A ɓangaren ma'aikaci, abin da ya fi amfani shi ne ya faɗi abin da ya faru da lokacinsa da illarsa ga aiki, ya guji yanke hukunci kan halin mutane. "Shugabana azzalumi ne" ana iya watsar da ita a matsayin fushi. "An sauya mini wa'adin rahoto sau uku a wata ɗaya ba tare da sanarwa ba" kuwa ana iya bincika ta. Ya kamata tun farko ya tambayi wa zai karanta bayanan, kuma da sunansa ko babu, don a ƙaramin sashe cire suna ba ya ɓoye kowa. Ba dole ne ya faɗi inda zai koma ko nawa za a biya shi ba. Zargin cin zarafi, wariya ko almundahana daban yake: jami'in ba zai iya riƙe shi a matsayin sirri ba, kuma ya fi kyau a shigar da shi a rubuce ta hanyar ƙorafi ta hukuma. Duk takardar da aka miƙo masa a wurin, musamman ta yafe wani haƙƙi, yana iya tafiya da ita ya karanta kafin ya sa hannu.

Ga ma'aikata, ganawa ɗaya labarin mutum ɗaya ce. Sai an tara amsoshi, an ware su bisa sashe da shugaba da daɗewa a aiki, sannan hoto yake fitowa. Tafiyar sababbi cikin wata shida na farko takan nuna cewa abin da aka faɗa musu lokacin ɗauka ya saɓa wa abin da suka tarar, ta tsofaffin hannu kuwa takan nuna hanyar ƙarin girma ta toshe. Bai dace shugaban mutum na kai tsaye ya yi ganawar ba, tunda sau da yawa maganar a kansa take. Alamar tsarin ya mutu kuwa ba ta ɓuya: kusan kowa yana rubuta "dalilin ƙashin kai", kuma babu jami'in da zai iya nuna gyara ɗaya da aka yi saboda bayanin wani da ya tafi.