Tsarabar bankwana ga abokin da zai bar Jidda zuwa Riyad

Tambaya: Abokinmu ya samu aiki a Riyad, zai bar Jidda a watan Nuwamba. Mu biyar ne, kowa zai ba da riyal 100. Me ya dace mu saya masa?

Amsa: Ɗan'uwa, ku saya masa abin sanyi. Yawancin masu irin wannan karo-karo agogo suke saye ko kwalbar turare, kuma ba laifi ba ne, sai dai mutumin Jidda yana da turare, abin da ba shi da shi shi ne kayan hunturu. A Jidda mutum zai yi shekaru bai taɓa neman rigar sanyi ba, saboda garin yana bakin teku, ko a Janairu riga ɗaya ta isa. Riyad kuwa tsakiyar Najadu take, a kan tudu mai tsawon kusan mita 600, iskarta busasshiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, wani daren ma ya kusanci sifili. Wanda ya sauka a Nuwamba da jallabiyoyinsa na Jidda marasa kauri, mako biyu ko uku kawai yake da su kafin fita sallar Asuba ta zama aiki.

Da ni ne, riyal 500 ɗin nan kashi uku zan yi. Kaso mafi tsoka, kamar 250, na farwa ne, wato doguwar alkyabbar nan mai gashi a ciki da mutanen Najadu ke yafawa. Ana zuwa masallaci da ita, ana zaman dare da ita, idan bargon ɗaki ya gaza a ɗora ta a kai. Kamar 50 kuma na ƙananan abubuwa ne: safa mai kauri, hular sanyi, da man kaɗe, domin iskar Riyad tana tsattsaga leɓe da diddige kamar hunturun Kano. Ragowar 200 a sa a ambulan.

Tambaya: Farwa ai tana da girma. Yaya zai tafi da ita?

Amsa: Kafin ku sayi komai, ku tambaye shi ta ina zai bi. Jirgin ƙasan Haramaini Makka da Jidda da Madina yake haɗawa, ba ya zuwa Riyad, saboda haka ko dai mota ce, tafiyar kusan kilomita 950, ko jirgin sama. In bas zai hau ko motar wani, to ba damuwa, ku saya ku miƙa masa. In jirgi ne, a nan ake samun matsala, domin tikiti mafi arha a kamfanonin jirage masu rangwame sau da yawa jakar hannu ce kawai mai kilo 7, duk abin da ya ƙaru sai an biya. Farwa mai kauri ita kaɗai takan cinye rabin akwati. Kyautar da za ta sa mutum ya tsaya a filin jirgi yana ciro kayansa yana auna su, ko ya bar ta a ɗakin wani da sunan zai dawo ya ɗauka, ba ta yi amfani ba.

Mafita biyu ce. Ko ya rataya ta a hannu ya shiga jirgi da ita kamar rigar da yake sawa, ko kuma a saya a can. Ta biyun ta fi, domin Riyad ce gidan farwa: a kasuwar Dira da ke kusa da fadar Masmak ana samun iri-iri, daga mai arha zuwa ta ainihin fatar rago. In kuna da wani ɗan gida a can, ku tura masa kuɗin, ya kai abokin naku ya gwada da kansa. In kuma ta intanet za ku saya a kai masa, ku jira ya sauka ya turo muku gajeren adireshin gininsa, mai haruffa 4 da lambobi 4. Ku kuma san lambar jallabiyarsa, 56 ce ko 58, don kada ku saya masa wadda za ta riƙa jan ƙasa.

Tambaya: Ba abin kunya ba ne a sa wa mutum kuɗi a ambulan?

Amsa: A wurinmu gudummawa ba ta taɓa zama abin kunya ba. Wanda ya fara sabon aiki sai ya cika wata kafin ya ga albashi, alhali tun ranar farko yake kashewa: abinci, kuɗin mota, katifa in ɗakin babu, katin jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a Disamban 2024. Abin da ke sa kuɗi su yi nauyi a hannun mai karɓa shi ne yadda aka ba da su. Kada a ƙirga a gaban jama'a, kada a faɗi wanda ya ba da nawa. Babban cikinku ya ja shi gefe, ya ce, "Malam, ga wannan a sha ruwa a hanya," shi ke nan. In ya ƙi karɓa a karo na farko, al'ada ce, a cusa masa a aljihu.

Tambaya: To kayan ɗaki fa, kamar butar lantarki ko kaskon turare?

Amsa: Wannan sai kun san inda zai sauka. In masaukin ma'aikata na kamfani ne, galibi mutum biyu ko fiye ke raba ɗaki, wasu masaukan suna hana girki a ciki, kuma hayaƙin turaren wuta yana iya tayar da na'urar gobara da ke rufi. In ɗakin haya ne nasa na kansa, butar lantarki da filas ɗin shayi kyauta ce mai kyau. Abin da zan hana ku kai tsaye shi ne murhun gawayi na ɗumama ɗaki: gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum yana barci.

Tambaya: Ni dai turare nake so in ba shi nawa na kaina.

Amsa: To ka ba shi na mai, rubu'in tola, kimanin mililita 3. Yana shiga aljihu, kuma yakan daɗe. Babbar kwalbar feshi da ta wuce mililita 100 ba ta shiga jakar hannu a jirgi, a wurin bincike za a karɓe ta. In zobe ka fi so, na azurfa za ka saya, tunda namiji ba ya sa zinariya. Amma in uwargidanka ta iya daka, gwangwanin yaji da ɗan ƙullin kuka da daddawa sun fi turaren daraja a wurin gwauron da bai san inda 'yan gida ke sayar da kayan miya a sabon gari ba. A ɗaure daddawar a leda biyu ko uku, in ba haka ba duk jallabiyoyinsa za su ɗauki warinta.

Tambaya: Yaushe za mu ba shi?

Amsa: Kwana uku ko huɗu kafin tafiya, tun bai ɗaure kaya ba, ranar da kuka taru cin abincin bankwana. Ambulan ne kaɗai za a iya riƙewa sai an rako shi tasha.